Yadda Aka Auna Shekarun Sauro

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ka shigo unguwarmu ka nemi shi da sunan da aka raɗa masa, za ka sha yawo. Ka ce Sauro kawai, ko yaron goye zai nuna maka shagonsa da baki. Sunan ya samo asali ne daga mai wankin mota na bakin titi, wanda ya hango shi tafe wata rana ya ce wa abokan aikinsa, "Ku rufe hannuwanku, ga sauro nan, jini ya zo nema." Aka yi dariya, suna ya bi shi. Yaya bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake yi, shi da sauro bambancinsu ɗaya, shi yana sallama kafin ya ɗiba.

Fenti yake sayarwa, ko in ce fenti ne ke zaune a shagonsa yana jiran ranar da mai shago zai tsaya. Yana da difloma ta kiwon lafiyar al'umma, ya kuma taɓa yin aikin albashi na shekara ɗaya da rabi a wani shiri na wayar da kai kan rigakafi, shirin ya ƙare aka sallame su da godiya. Daga nan ya kama shagon. Ni kuwa, autar gidanmu, ina da ɗan shagon buga takardu da kwamfuta ɗaya da injin kwafi mai taurin kai. Rabin takardun neman aiki na unguwar nan ta hannuna suka bi, don haka in na yi magana a kan wannan harka, ba ji na yi ba.

Shekara takwas ke nan aka yi wa Ummanmu tiyata, jini ya tsinke mata, aka ce a nemo leda biyu. Rukunin jininta irin mai wuyar samu ne. Mu 'ya'yanta aka gwada, babu wanda ya dace. Yaya ya yi ta zagaye a harabar asibiti kamar wanda ya yar da kuɗin aike, har wani direban babbar mota da ya kawo yaronsa ɗaurin karaya ya ji abin da ake ciki. Ya miƙa hannu aka gwada, ya dace, aka ɗiba. Leda ta biyu aka samo daga wani asibiti. Kafin Yaya ya dawo daga sayen magani, direban ya tafi. Umma ta tashi. Yaya kuma daga ranar bai sake zama mutumin da muka sani ba.

Da mutum shida ya fara, abokansa na ƙwallo. Ya kai su aka gwada, ya rubuta rukunin kowa. Kafin a ce me, sun zama ƙungiyar masu ba da jini kyauta. Aikinsa ba ɗibar jini ba ne, wannan na ma'aikatan asibiti ne, shi ko allura ba ya taɓawa. Nasa shi ne mutane. Shi ke zama da mai tsoron allura har ya saki jiki. Shi ke amsa wa mai cewa ana sayar da jinin, da mai cewa in an ɗiba ƙarfin namiji ke tafiya. Shi ke hana mai zumuɗi komawa kafin lokacinsa ya yi, ya kuma bi wanda aka mayar saboda ƙarancin jini ya lallashe shi kada ya yi zuciya. Duk wata yakan shirya ranar ba da jini, ya ari rumfa da kujeru, ma'aikatan ɗakin jini su zo da kayansu. Shagon fenti kuwa, in ka zo sau uku, sau biyu kwaɗo za ka tarar a ƙofa.

To, ciniki ba ya son kishi da wani abu. Shago ya yi ta ramewa har kantoci suka fara nuna haƙarƙari. Matarsa, Anti, mace ce mai haƙuri, amma yara uku ba sa cin godiyar asibiti. Sai wanta, wanda ke da rumbun ajiye kayan gini a wani gari mai nisa, ya ce Yaya ya zo ya riƙe masa wurin, da albashi da ɗaki. Ya ba shi zuwa ƙarshen zangon karatun yara ya yanke shawara. Yaya ya san in ya tafi, ya bar ƙungiyar ke nan. Ya kuma san ba shi da bakin cewa a'a.

Ana cikin haka asibitin da Yaya ke kai wa masu ba da jini ya fitar da sanarwar ɗaukar aiki. Suna neman jami'in tattara masu ba da jini, mutum ɗaya. Sharuɗɗan su ne difloma ko sama da haka, da gogewar aiki ta aƙalla shekara uku a harkar wayar da kan jama'a. Da na karanta sai da na buga tebur. Na ce wannan ai rigar Yaya ce aka ɗinka aka rataye.

Na zauna na tsara masa takardar tarihin aikinsa, wadda muke ce wa si-bi, na cika masa fom. Na ba ƙungiyar rabin shafi, na jera duk abin da yake yi. Ya zo ya karanta a tsaye, ya ɗauki biro daga teburina, ya ja layi a kan rabin shafin nan daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Yaya, lafiya?"

"Cire wannan, Auta."

"In cire? To me ya rage? Shekara ɗaya da rabi da shagon fenti?"

"Abin da na yi don Allah ba zan sa shi a takarda in nemi albashi da shi ba. So kike in sayar da ladana?"

"Wa ya ce ka sayar? Tambayarka aka yi, me ka iya!"

"Sun san ni a asibitin nan. Har mai gadi ya san ni. Ba sai na yi wa kaina kirari ba."

Na yi magiya, na yi faɗa, na ce masa taurin kansa ya fi na injin kwafina. Ko gezau. Ba shi kaɗai ba ne, haka 'yan ƙungiyar suke gaba ɗaya: ba sa yarda a ɗauke su hoto, ba sa yarda a faɗa wa mara lafiya sunan wanda ya ba shi jini. Yaya ne ya ɗora su a kan haka, yana cewa direban nan bai bar suna ba. Na cire, na buga, ina huci. Takardar ta fito fes, kuma duk wanda ya karanta ta zai ɗauka mai fenti ne ya ga aikin asibiti ya yi sha'awa.

Da aka kafe sunayen waɗanda za a yi wa intabiyu, mutum biyu ne kacal, babu Sauro.

Ranar Yaya ya zo gidan Umma da rana tsaka, ya zauna a bakin gadonta yana juya makullin shago a hannu. Ni ban raga masa ba, na fesa wa Umma komai. Ta saurara tana gyara zaren carbinta, sannan ta dube shi.

"Takardar ta ce ka faɗi duk aikin da ka taɓa yi?"

"Ta ce, Umma."

"Ka sa hannu cewa abin da ka rubuta shi ne gaskiya?"

"Na sa."

"To ka yi musu ƙarya ke nan."

Ya ɗago da sauri. Ta ce, "Ai ƙarya ba sai an ƙara ba, ragewa ma ƙarya ce. Wanda ya hau kan bango yana shelar alherinsa daban, wanda aka tambaya ya ba da shaida daban. Direban nan da kake ta ambato, da likita ya tambaye shi ko ya taɓa ba da jini, cewa zai yi a'a don kada ladansa ya zube? Ladanka yana wurin wanda ba ya mantuwa. Su waɗannan mutane ne, sai an gaya musu."

Washegari Yaya ya sa riga mai tsabta ya ce in raka shi asibiti.

Ofishin ɗaukar ma'aikata yana can bayan ɗakin magani, ƙaramin ɗaki mai kabad biyu na ƙarfe da fanka mai kuka. Shugabar ofishin mace ce mai tabarau, ma'aikata na kiranta Madam Ƙa'ida a bayan idonta, ina kuma zaton ta sani, ba ta ƙi ba. Ta jawo fayil ɗin Yaya ta buɗe.

"Takardarka ta nuna shekara ɗaya da rabi. Muna neman uku. Shi ke nan dalilin."

Yaya ya gaya mata na ƙungiya, a taƙaice, kamar mai amsa laifi. Ta saurara har ƙarshe.

"Kai ne Sauron? Ina jin sunanka. Amma malam, mu ba da jin suna muke tantancewa ba. Mu biyu muka duba takardun nan, kowa daban, kuma abin da ke rubuce kaɗai muke ba maki. In na ƙara maka abu bayan an rufe karɓa, me zan ce wa sauran?"

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Laifina ne."

Da ta tsaya a nan, da mun tashi mun tafi. Sai ta ƙara, wai don ta sanyaya masa rai, "Kada ma ka damu kanka. Ko ka rubuta, ba za mu lissafa ba. Akwai wajen mutum biyar da suka sa aikin sa kai, duk mun ajiye su. Mu aikin albashi muke nufi."

Na ga Yaya ya gyara zama. Na san wannan zaman, shi yake yi in ya haɗu da mai cewa ana sayar da jini.

"Ranki ya daɗe, a sanarwar an ce aikin albashi?"

Ta duba. "An ce gogewar aiki."

"To albashi kuke son ɗauka ko iyawa? Shekara ɗaya da rabin da kuka lissafa min, takardu nake rabawa a kasuwa ina magana da lasifika. Abin da kuke nema a wannan aikin, ban koye shi a can ba."

Ban ɗauka za ta amsa ba, amma ta cire tabarau ta amsa, kuma dole in faɗi gaskiya, maganarta ba ta banza ba ce. Ta ce mai albashi yana da lokacin zuwa da na tashi, yana da shugaba da zai tsawata masa, in ya yi sakaci a kore shi. In ta ga shekara uku a takardarsa, ta san abin da ke ciki. Ɗan sa kai fa? Wani sau ɗaya ya fito sharar kwata aka ɗauki hotonsa, ya zo ya rubuta shekara biyar yana hidimar al'umma. "Da wane ma'auni zan raba ka da shi? In na buɗe ƙofar nan, kowa ya zama gogagge."

"A yi ma'aunin mana," in ji Yaya. "A tambayi me mutum ya yi, awa nawa, wa ya gani. In an auna ni ban kai ba, wallahi zan tafi ban waiwaya ba. Amma a auna. Kada a ce ba ni da nauyi alhali ba a ɗora ni a sikeli ba."

Ta ce ba ita ke da ikon sauya wannan ba, sai kwamiti, in yana so ya rubuto koke. Ta kuma gargaɗe shi, "In suka yarda, ba don kai kaɗai za a buɗe ba. Kowa za a buɗe wa."

"Haka nake so," ya ce. Ni da ke gefe na gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, ban san abin da nake gyaɗa wa kai ba.

Mun rubuta koken a shagona, shafi ɗaya. Ya hana ni sa kalmar zalunci, ya hana ni sa sunayen marasa lafiya. Ya kai, aka ce ya jira. Ya yi ta sintiri har masinjan ofishin ya fara ajiye masa kujera. Shugaban ɗakin jini, wanda shi ne zai yi aiki da duk wanda aka ɗauka, ya goyi bayan a sake duba lamarin, don shi ma bai ji daɗin ganin mutum biyu kacal ba. Wani a kwamitin ya ƙi, ya ce waɗannan biyun sun cika sharaɗi, ba daidai ba ne a ja musu rai. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Tunda sanarwar ba ta fayyace ba, za a sake fitar da ita da ƙarin wa'adi, mutum biyun farko suna nan a jerinsu ba sai sun sake nema ba. Aikin sa kai zai shiga lissafi bisa sharaɗi uku: ya zama irin aikin da ake nema ne, a samu wanda zai shaide shi a rubuce, kuma a lissafa shi da awannin da aka yi a mayar da su mizanin cikakken ma'aikaci.

Wannan na ƙarshen ne ya ƙona min rai. Da aka zauna lissafi, sai aka ce shekara ukun farko na ƙungiyar babu mai shaidarsu, don sai daga baya asibitin ya yi musu rajista ya fara rubuta zuwansu. Saura biyar. A biyar ɗin ma, da aka tattara awanninsa, sun tashi kamar kwana biyu a mako. Shekara takwas na Yaya suka koma biyu.

"Biyu!" na ce. "Mutumin da ya kashe shagonsa a kan aikin nan? Wayar da ake kiransa yana tsakiyar cin abinci fa, ita a wane awa aka sa ta?"

Shi kuwa murmushi yake yi kamar an ba shi kyauta. "Auta, biyu da ɗaya da rabi nawa?"

"Uku da rabi."

"To me kike wa ihu? Da sifili ne, yanzu biyu. Kuma biyun nan babu mai iya musa su."

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

A ƙungiyar akwai wata da suke kira Sakatariya. Tana da digiri a fannin sadarwa, ƙafarta ɗaya shan inna ta taɓa ta tun tana ƙarama, don haka ba ta cika zuwa asibiti ba. Daga ɗakinta take aiki. Ita ta kwashe sunayen masu ba da jini daga takardun Yaya masu maiƙo ta zuba a kwamfuta, ita ke aika saƙon tunatarwa, in asibiti ya kira Yaya, ita yake kira ta ce masa ga mutum uku mafi kusa da suka isa bayarwa. A sanarwar farko ba ta nema ba, don ta san ba za a lissafa mata ba. Da ta biyu ta fito, Yaya da ƙafarsa ya kai mata kwafi. Ban sani ba sai da ya dawo.

Matsalarta ita ce, rajistar asibiti ba ta san ta ba. Ba ta taɓa sa hannu a littafin zuwa ba, tunda ba zuwa take yi ba. Wanda zai iya faɗin abin da take yi da yawan awanninta dalla-dalla, shugaban ƙungiya ne. Shugaban ƙungiya kuwa Sauro. In ya shaide ta, ta kai shekara uku. In bai shaida ba, ba ta kai ba.

Ya zo shagona da rubutun hannu ya ce in buga. Na karanta na ajiye.

"Yaya, ka san ta fi ka takarda?"

"Na sani."

"Ka san za a gwada ku a kwamfuta? Kai da ke neman harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar hatsi?"

"Na sani."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka yi jinkiri kawai. Ka ce kana da uzuri har wa'adi ya wuce. Kai ma mai nema ne, babu wanda zai zarge ka. Kana da 'ya'ya uku!"

Na ga maganar ta shige shi, don ba dutse ba ne. Sannan ya ce, "Ni na je na tsaya a gaban matar nan na ce a auna kowa. Yanzu in dawo in ɓoye sikelin? Umma ta ce ragewa ma ƙarya ce. Buga, Auta."

Na buga. Har yau ban ce shawarata kuskure ce ba, ƙanwa ce ni, ba alƙali ba. Amma na buga, ban rage ko wasali ba. Ya rubuta cewa rabin yini take yi kusan kullum, ya rubuta cewa tun da ta karɓi jerin sunayen ba a sake kiran wanda bai isa bayarwa ba. Madam Ƙa'ida ta ce tunda shi ma mai nema ne, sa hannunsa kaɗai ba zai wadatar ba, ta kira wasu 'yan ƙungiya biyu ta tabbatar, ta kuma nemi ganin saƙonnin da ake aikawa. Komai ya yi daidai.

Mutum shida aka kira intabiyu, uku daga cikinsu da aikin sa kai suka kai. Wasu da suka rubuta sa kai an sake ajiye su, don da aka nemi mai shaida babu, ma'aunin ya yi aikinsa. Ranar da aka kafe sunayen, Yaya ya tsaya gaban allon ya karanta nasa ya fi a ƙirga. Sunansa na gaskiya ne, wanda ko ni sai na yi tunani nake tuna shi.

Ya shirya kamar mai shiga jarrabawar ƙarshe. Kullum bayan ya rufe shago sai ya zo in koya masa jera sunaye a kwamfuta, yana gumi yana tsaki. A intabiyun, shugaban ɗakin jini ya bayyana wa kwamiti cewa ya san biyu daga cikin masu nema, aka ƙaro mutum daga wani sashe, kowa aka yi masa tambayoyi iri ɗaya. Da aka ce Yaya ya nuna yadda zai shawo kan mai tsoro, ya ce min ɗaya daga cikin masu tambayar har hannun rigarsa ya fara naɗewa. A kwamfuta kuwa, da rubuta rahoto, lokaci ya ƙare masa yana rabi.

Sakatariya aka ɗauka. Yaya ya zo na biyu, da tazarar maki kaɗan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kukan haushi. Na ce masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga shi nan ya gani. Madam Ƙa'ida da kanta ta kira shi ta yi masa bayanin makinsa, ta ce za a riƙe sunansa na wata shida ko gurbi zai samu, ta kuma ce daga yanzu haka za su riƙa rubuta sanarwarsu. Gurbi bai samu ba. Zangon karatu ya ƙare, wan Anti ya aiko a ji amsa.

Sakatariya ta zo gidan Umma a keken haya mai ƙafa uku, ta ce ita za ta janye. Yaya ya ɓata rai irin wanda ban taɓa gani ba. "In kika janye, kin nuna musu ɗan sa kai ba abin dogaro ba ne. An auna mu, kin fi ni. Ki je ki riƙe aikin nan da kyau, na bayanmu na kallo." Ya miƙa mata tsohuwar wayarsa, wadda lambarta ke bakin kowace nas a asibitin.

Da zai tafi, ya sa na buga masa takardar shaida ga kowane ɗan ƙungiya, da ranar da ya shiga da irin aikin da yake yi, ya bi su gida-gida ya ba su. Mai wankin motar nan, wanda shi ma tuni ya shiga ƙungiyar, ya ce shi me zai yi da takarda, ai don Allah yake yi. Yaya ya ce, "Don Allah ɗin ne. Ajiye dai, wata rana za a tambaye ka."

Ni na raka su tasha da safe. Anti da yara sun shiga mota, ana ɗaure kaya a sama, ni ina ta faɗa da ɗan kamasho a kan inda ya jefa akwatin Yaya, don in ban yi faɗa ba kuka zan sake yi. Da na juya ban gan shi ba. Na zagaya na tarar da shi a gefen direba, ya dafa ƙofa yana tambayarsa ko garin da za su yana da babban asibiti, da kuma direbobi nawa ke kwana a tasharsu.

Direban ya ce suna da yawa, lafiya dai?

"Lafiya lau," in ji Yaya, yana laluben biro a aljihu. "Ka san rukunin jininka?"